Wace Hanya Za Ka Bi Wajen Jera Shafukan Ɗan Littafi Mai Ɗinkin Tsakiya?

A ce makarantar Islamiyyar unguwarku za ta yi walimar sauka, an ba ka aikin fitar da ɗan littafin shirin taro: sunayen ɗalibai, tarihin makaranta, jawabin shugaba, da 'yan hotuna. Ka gama rubutu, ya tashi shafi 22, ana son kwafi 60. Firintar da ke gabanka tana buga gaba da baya da kanta, takardarka A4 ce, kana so a ninke ta biyu ta koma A5, a soka fil biyu a tsakiya. Idan ka buga shafukan bi da bi, 1 da 2 a fuska ɗaya, 3 da 4 a bayanta, kana ninkewa za ka ga shafi na 2 ne a bangon gaba, na 1 kuma ya koma bangon baya. Dole sai an sake jera su tukuna. Hanyoyin yin hakan sun kai shida, kuma kowa tasa yake yabo. Da wannan aiki na shafi 22 zan gwada su duka.

## Lissafin da ke ƙarƙashin kowace hanya

Falle ɗaya na takarda idan an ninke shi shafi huɗu yake ɗauka, biyu a gaba, biyu a baya. Saboda haka ɗan littafi irin wannan ba ya tsayawa sai a kan adadin da 4 ke rabawa: 8, 12, 16, 20, 24, haka dai. Shafi 22 ba shi da gurbi, sai ya koma 24, wato falle 6 da fararen shafuka biyu. Kwafi 60 kuma falle 360 ke nan, rim ɗaya mai falle 500 ya isa har da ragowar gwaji.

Ga yadda fallayen shida suke zama, hagu sannan dama:

| Falle | Gaba | Baya |
|---|---|---|
| 1 | 24, 1 | 2, 23 |
| 2 | 22, 3 | 4, 21 |
| 3 | 20, 5 | 6, 19 |
| 4 | 18, 7 | 8, 17 |
| 5 | 16, 9 | 10, 15 |
| 6 | 14, 11 | 12, 13 |

Duba kowace fuska ka haɗa lambobinta biyu: 24 da 1, 2 da 23, 12 da 13, duk 25 suke bayarwa, wato yawan shafuka a ƙara ɗaya. Kuma a kowace fuska lambar da 2 ke rabawa tana hagu, marar rabuwa tana dama. Da wannan kaɗai za ka iya ɗaukar falle daga bakin firinta ka gane ko aiki ya tafi daidai, ba sai ka jira an gama ba. Duk manhajojin da za mu duba wannan lissafin suke yi. Inda suka bambanta shi ne abin da suke yi wa girman rubutu, inda suke ajiye fararen shafuka, da kuma ko za su bar maka wani abu da za ka sake amfani da shi gobe.

## Ma'aunai

Abu huɗu nake dubawa. Kuɗi shi ne na farko, kuma ba kuɗin manhaja kaɗai ba, har da takarda da tawadar da kuskure ke cinyewa. Na biyu ƙarko: idan an dawo bayan wata shida ana son ƙarin kwafi 20, ko an kai aikin wata kwamfutar, jerin zai tsaya yadda yake? Na uku sauƙi, ko wanda bai taɓa yi ba zai iya cikin minti goma. Na huɗu haɗari, wato irin ɓarnar da hanyar ta saba jawowa, da kuma ko ana ganin ta kafin takarda ta fito.

Akwai abu biyu da suka shafi kowace hanya, gara in faɗe su tun yanzu. Shafin A4 idan aka matse shi ya koma A5, girmansa yana komawa kusan kashi 71 cikin ɗari. Rubutun da ka sa a lamba 12 zai fito kamar 8.5, wanda dattijo ba zai karanta ba sai da tabarau. Ko dai ka tsara aikin a A5 tun farko, ko ka ɗaga rubutun A4 zuwa 16, ya sauko kusan 11. Sai juyin takarda: fallen ɗan littafi a kwance ake buga shi, don haka a akasarin hanyoyin nan sai ka zaɓi Flip on short edge. Idan aka bar shi a Flip on long edge, bayan kowane falle zai fito kai a ƙasa. Na taɓa kai aiki wani shagon buga takardu ina sauri, yaron shagon ya ce, "Yallaɓai, a sake su duka?" Na ce ya saki. Sai da falle wajen ɗari ya taru muka ɗaga ɗaya muka ga baya a kife. Laifin nawa ne, da na sani da kwafi ɗaya na ce a fara fitarwa.

## Adobe Acrobat Reader

Wannan ita ce hanyar da na fi nuna wa mutane. Manhajar kyauta ce, kuma da wuya ka shiga shagon buga takardu ka rasa ta. Ka mayar da aikinka PDF, ka buɗe, ka danna Print, a ƙarƙashin Page Sizing & Handling ka zaɓi Booklet. Nan take hoton da ke gefe zai nuna maka fuskar farko, kana iya bin fuskokin ɗaya bayan ɗaya kana duba lissafin 25 ɗin nan kafin ko falle ɗaya ya fita.

Akwatuna uku ne a wurin, kowanne da amfaninsa. Booklet subset yana da Both sides ga firinta mai juyawa da kanta, da Front side only da Back side only ga wanda zai juya da hannu. Binding yana da Left ga rubutun boko, da Right ga littafin da ake buɗewa daga dama, kamar na Larabci ko ajami. A nan fuskar farko za ta koma 1 a hagu, 24 a dama. Idan ɗan littafin ya haɗa boko da Larabci, sai ka yanke shawarar wanda ya rinjaya, domin littafi ɗaya ba ya buɗewa ta gefe biyu.

Na ukun, Sheets from, shi ne mutane ba su cika lura da shi ba, alhali ya fi sauran ceto. Idan kana son bango a takarda mai kauri, sai ka buga daga 1 zuwa 1 a kan kati, sannan 2 zuwa 6 a kan farar takarda. Haka idan wuta ta ɗauke ko takarda ta maƙale falle na 4 ya lalace, shi kaɗai za ka sake fitarwa. Sai dai firintoci da yawa ba sa iya juya kati mai kauri a cikinsu, bango yakan buƙaci a saka shi da hannu, gaba sannan baya.

Haɗarinta yana wajen fararen shafuka. Idan ka ba ta shafi 22, za ta cike 23 da 24 da fari a ƙarshe. To idan shafinka na 22 shi ne bangon baya, mai hoton makaranta da adireshi, zai faɗa cikin littafi a falle na 2, bangon baya na gaskiya kuma ya fito fari fat. Maganin a fayil ɗin asali yake: ka saka farin shafi ɗaya bayan bangon gaba, ɗaya kafin bangon baya, su cika 24 kafin ka fitar da PDF. Wannan ma ya fi kyau a ido, domin cikin bango ya saba zama fari, kuma rubutu zai fara a shafin dama. In kuwa ba ka son asarar wuri, sa shafin rubuta bayanai ko na godiya a gurbinsu.

Ta fuskar ƙarko, PDF ba ya motsi. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna tafiya a cikinsa tare da salon rubutun da ka zaɓa, ba za su koma akwatuna a kwamfutar wani ba. Abin da ba ta ajiyewa shi ne jerin kansa. Duk ranar da za a sake bugawa sai an sake zaɓar Booklet. Kuma ba ta raba littafi mai kauri zuwa ƙunshi-ƙunshi da kanta, sai dai ka yi dabara, ka buga shafi 1 zuwa 16 a matsayin ɗan littafi guda, 17 zuwa 32 wani, har ka gama.

## Microsoft Word

A Word tun wajen rubutu ake shirya abin. Ka shiga Layout, ka buɗe Page Setup, a Margins ka je Multiple pages ka zaɓi Book fold. Takardar za ta kwanta da kanta, kowane shafi a allo ya koma rabin A4. Alfanun wannan babba ne: girman rubutun da kake gani shi zai fito, 12 tana nan a 12, babu matsewa. Akwai Gutter don barin sarari ta wajen ninki, milimita 5 zuwa 10 sun isa ga ƙaramin aiki. Akwai kuma Sheets per booklet, wanda ke raba dogon rubutu zuwa ƙunshi. Lambobinsa 4, 8, 12 har 40, kuma duk da sunansa shafuka yake ƙirgawa. Ga aikinmu na shafi 24 a bar shi a All.

Kuɗinta na lasisin Office ne, wanda mai rubutu a Word ya riga ya ɗauka. Sauƙi kuma akwai, matuƙar tun farko ka kunna Book fold. In ka gama tsara shafi 22 a A4 sannan ka kunna, komai zai tarwatse: teburin sunayen ɗalibai ya fi faɗin shafi, hotuna su ture rubutu, yawan shafuka ya kusa ninkawa.

Rauninta ƙarko ne. Fayil ɗin Word rubutu ne mai gudana. A buɗe shi a kwamfutar da ba ta da salon rubutunka, sai ta musanya da wani, layuka su ƙaru. Layi biyu kacal suka tsallaka, 24 ta zama 25, ita kuma 25 ba ta da masauki sai 28. Falle 7 ke nan maimakon 6, ƙarin falle 60 a kan aikin, ga bangon baya ya bar wurinsa. Shi ya sa na fi son a raba aikin biyu: a tsara a Word da girman takarda A5, a fitar da PDF, a bar wa Acrobat Reader jeri. Book fold kai tsaye ya fi dacewa da wanda kwamfutarsa ke haɗe da firintarsa, shi ya rubuta, shi zai buga.

LibreOffice Writer tana da makamancin haka kyauta, a File, Print, sashen Page Layout, zaɓin Brochure. Tana aiki, amma a wajen bugawa take jeri, don haka shafinka ya zama A5 ne tun farko, takardar firinta kuma A4 a kwance. Ga wanda ba shi da Office ta wadatar.

## Barin firinta ta yi da kanta

Manyan injinan ofis da wasu ƙananan firintoci suna da zaɓin Booklet a cikin Printer Properties. Ba ka biyan komai, kuma daga kowace manhaja yana aiki. Idan injin babba ne mai na'urar ninki da fil a jikinsa, to nan babu gardama: ta wannan hanyar ake umartar sa, littafi ya fito a ninke a ɗinke, kai dai tattarawa.

A ƙaramar firinta kuwa ban cika son ta ba. Sau da yawa ba ka ganin komai kafin bugu, kowane kamfani da inda ya ɓoye zaɓin, kuma abin da ka koya a wannan injin ba lallai ya yi maka amfani a wancan ba. Babban haɗarin shi ne jeri sau biyu. Wani ya kunna Booklet a saitin firinta jiya ya manta, kai kuma yau ka kunna a Acrobat Reader. Manhaja ta jera, firinta ta ɗauki jerarrun fuskokin ta sake jera su. Alamarsa ba ta ɓuya: shafuka huɗu 'yan ƙanana a fuska ɗaya, lambobi a hargitse. Wuri ɗaya tak ake yin jeri, ɗayan a kashe.

## CorelDRAW da InDesign

A shagunan zane da buga katin biki a Arewa, CorelDRAW ce abincin yau da gobe, kuma tana iya wannan aiki fiye da yadda masu amfani da ita da yawa suka sani. A saitin shafi akwai Booklet a cikin jerin Layout, sannan a Print Preview akwai kayan aikin Imposition Layout, inda ake zaɓar Saddle stitch ga ɗinkin tsakiya. InDesign kuma tana da Print Booklet a ƙarƙashin File, da zaɓin 2-up Saddle Stitch. Dukansu na kuɗi ne, InDesign ma biyan wata-wata ko shekara-shekara ake yi, kuma koyonsu ba aikin yini ɗaya ba ne. Don ɗan littafin walima guda ba wanda zai saye su.

Abin da ake biya dominsa yana bayyana ne idan littafi ya yi kauri ko za a yanke gefensa. Ɗauki fallaye goma ka ninke tare, ka duba bakin: na ciki sun leƙo waje sun wuce na bango, domin kowane falle sai ya zagaye kaurin waɗanda ke cikinsa. Takarda mai nauyin giram 80 kaurinta kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, don haka a falle 10, wato shafi 40, na tsakiya zai leƙo da kusan milimita ɗaya, in ninkin bai kwanta ba ma ya fi haka. Idan aka kai wa injin yanka aka daidaita bakin, shafukan tsakiya su ne za su yi asarar gefe. Rubutu mai wadataccen sarari ba zai damu ba, amma lambar shafi ko layin ado da ke dab da baki zai nuna, yana matsowa gefe a hankali yayin da kake shiga tsakiya. Print Booklet na InDesign yana da akwatin Creep, wanda ke gusar da shafuka kaɗan-kaɗan don rama wannan. A falle 6 irin namu, leƙowar rabin milimita ce, ba ta kai a tayar da hankali ba.

## pdfbook2

Wannan ta masu Linux ce, kuma a cikin TeX Live take zuwa, wato wani tarin manhajojin tsara rubutu. Kyauta ce, amma ba ta da maɓallan dannawa, umarni ake rubutawa:

```
pdfbook2 --paper=a4paper --short-edge --no-crop walima.pdf
```

Za ta fitar da sabon fayil mai suna walima-book.pdf, wanda shafukansa sun riga sun jeru biyu-biyu. Nan ne ta yi wa sauran fintinkau wajen ƙarko. Wannan fayil ɗin za ka iya tura shi ta waya zuwa kowane shago, ka ce a buga gaba da baya a girmansa na asali, shi ke nan. Ba ruwan mai shago da Booklet, kuma bayan shekara ma haka zai fito.

Lura da abu biyu. In ba ka sa `--short-edge` ba, fayil ɗin da za ta ba ka na Flip on long edge ne, za ka ga fuskoki suna juye bi da bi a allo, kuma ba kuskure ba ne. Abin da ake so shi ne fayil da saitin firinta su yi daidai da juna. Sannan in ba ka sa `--no-crop` ba, za ta datse farin gefen shafukanka ta sa nata. Wannan yana da daɗi idan takardar A4 mai faffaɗan gefe ce kake matsewa, domin rubutu zai fito da ɗan girma, amma yana ɓata aikin da ka riga ka tsara a A5. Ga littafi mai kauri kuma:

```
pdfbook2 --signature=16 --short-edge --no-crop darasi.pdf
```

Wannan zai raba shi ƙunshi-ƙunshi, kowanne shafi 16, falle 4. Wahalarta girkawa ce, TeX Live na cin data da wuri a kwamfuta. Ga wanda ke fitar da irin wannan aiki duk mako, ko yake da fayil talatin da zai jera a zama ɗaya, wahalar rana ɗaya ce.

## Jeri da hannu

Har yanzu akwai masu buɗe shafin A4 a kwance, su raba shi biyu da layi, su riƙa ɗauko shafi suna mannawa: 24 nan, 1 can. Yana yiwuwa, kuma ga falle ɗaya ko biyu, kamar takardar shirin ɗaurin aure mai shafi 4 ko 8, ba laifi. Da ya wuce haka, wahala ce da kasada. Shugaban makaranta ya kira da daddare ya ce a ƙara sunayen ɗalibai uku, rubutu ya tsallaka shafi, sai ka warware rabin aikin. Kuskurensa kuma ba ya nuna kansa, sai an ninke an fara karantawa a ga 9 ta biyo bayan 6.

Abin da ya kamata a ɗauka daga masu wannan hanya shi ne samfurin gwaji. Ka samu tsofaffin takardu shida, ka ninke tare, ka rubuta 1 zuwa 24 da biro kana buɗewa kamar littafi, sannan ka warware su. Teburin da ke sama zai fito a hannunka, kuma za ka ga da idonka wane hoto ne zai zauna a tsakiya, shafi na 12 da 13, wuri ɗaya tilo a cikin littafin da hoto mai faɗin shafi biyu zai fito ba tare da yankewa ba.

## A teburi

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Acrobat Reader | Kyauta | PDF ba ya motsi, amma a sake zaɓar jeri kullum | Sosai | Fararen shafuka a ƙarshe |
| Word | Lasisin Office | Rauni idan an canza kwamfuta | Da sauƙi in an fara da shi | Shafuka su ƙaru |
| Saitin firinta | Babu ƙari | Ya dogara da injin | Ya danganta | Jeri sau biyu |
| CorelDRAW, InDesign | Tsada | Mai kyau | Sai an koya | Saiti da yawa |
| pdfbook2 | Kyauta, sai data | Mafi ƙarfi | Wuyar farawa | Saɓanin gefen juyi |
| Da hannu | Lokacinka | Gyara ɗaya ya rushe shi | Ga shafi 8 kawai | Kuskure a ɓoye |

## Inda ɗinkin tsakiya yake tsayawa

Kafin ka zaɓi manhaja, duba kaurin littafin, domin shi ke yanke rabin hukuncin. Da takardar giram 80, har falle 10 ninki yana kwanciya lafiya. Daga 12 zuwa 15 littafin zai fara buɗe baki da kansa idan an ajiye shi, fil ma yana wahalar ratsawa. Littafin darasi mai shafi 96 falle 24 ne, ba zai ninku wuri ɗaya ba. Sai a raba shi ƙunshi shida na shafi 16, a ɗinke kowanne da zare, a haɗa su ta baya. Mai irin wannan aiki ya nemi hanyar da ta san ƙunshi, wato Word ko pdfbook2 ko manyan manhajojin zane.

Wajen ɗinkin kuma, abin fil na ofis ba ya kaiwa tsakiya, domin daga baki zuwa ninki milimita 148 ne. Akwai mai dogon hannu da aka yi don haka. In babu, ka buɗe na ofis ɗin ya miƙe, ka kifa littafin a kan kwali mai kauri bango yana sama, ka danna fil a kan layin ninki, ka juya ka lanƙwasa ƙafafunsa da bayan cokali. Ga kwafi biyar dabara ce, ga 60 azaba. Zare ya fi fil daɗewa, domin fil yana tsatsa da damina ya ɓata takarda. Huda uku ake yi a kan ninki: allura ta shiga ta tsakiya, ta dawo ta hudar sama, ta tsallake zuwa ta ƙasa, ta sake bi ta tsakiya, a ɗaure bakin zaren biyu a kan dogon zaren da ya ratsa. Kuma a ninka kowane littafi fallayensa a haɗe, a goge ninkin da gefen rula. In aka ninka falle ɗai-ɗai sannan aka cusa su cikin juna, ba sa zama daram.

## Wa ya dace da wace

Mai aikin walimar nan, da duk wanda ke da shafi 8 zuwa 40 da zai fitar sau ɗaya: tsara a A5, cika shafuka su kai adadin da 4 ke rabawa da hannunka, fitar da PDF, buga da Booklet na Acrobat Reader. Kwafi ɗaya tukuna, a ninke, a karanta lambobi daga 1 zuwa 24, sannan a saki sauran 59 tare da kunna Collate, don kowane falle shida su fito a matsayin littafi guda.

Malamin da ke rubuta darasi yana gyarawa duk zango, kuma firintar tana kan teburinsa, Book fold na Word ya ishe shi, ya dai riƙa duba yawan shafuka a ƙasan allo kafin ya danna Print. Wanda zai tura aiki wani gari a buga masa ba ya wurin, ya aika fayil da aka riga aka jera, na pdfbook2 ko wanda aka fitar daga manhajar zane, ya rubuta wa mai shago gefen da za a juya, ya kuma ce kada a kunna Booklet. Ofishin da ke da babban inji mai ninki da fil ya bar wa injin aikinsa, ya ba shi PDF mai shafuka bi da bi. Mai shagon da ke karɓar mujallar makaranta mai hotuna har bakin takarda, wadda za a buga a A3 a yanke gefe, shi ne kuɗin CorelDRAW ko InDesign zai yi wa rana. Littafin addu'o'i na Larabci ko waƙoƙin ajami kuwa, kowace hanya aka bi, a fara neman inda ake mayar da ɗauri dama. A Acrobat Reader dannawa ɗaya ce, Binding a sa Right.